Hannun jarin da ya fi kasuwa gudu: nazari kan gwada farashi da ma'aunin NGX

A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, kuɗin yawancin gidaje yana da lokacinsa. Yana shigowa da kaka, idan an sayar da gyaɗa da wake da rarar gero, kuma dole ya fita kafin damina, lokacin taki da iri da kuɗin ƙwadago. A watannin da ke tsakani, an saba a zuba shi a tumaki ko a ɓoye hatsi. Yanzu wayar hannu ta buɗe wata ƙofa, domin malamin makaranta ko mai shagon POS yana iya buɗe asusu wurin dillalin hannun jari, ya sayi kason kamfani a kasuwar NGX ta Legas ba tare da ya je ko Kano ba. Tare da wannan sauƙi ne wata dabara ta yaɗu a tsakanin masu saye: kada ka tambayi ko farashin kamfani ya tashi, tambayi ko ya tashi fiye da kasuwa gaba ɗaya.

Dalilin yaɗuwarta yana cikin alƙaluman shekarun nan. Babban ma'aunin kasuwar, wanda ake gani a allo da sunan All-Share Index ko ASI, ya rufe 2022 a kan maki 51,251, ya rufe 2023 a kan 74,773, wato ƙarin kusan kashi 46 cikin ɗari. A 2024 ya sake ƙaruwa da kusan kashi 38, ya tsaya a 102,926. A daidai wannan lokaci hauhawar farashin kaya ta kai kashi 28.92 a Disambar 2023, ta kai 34.80 a Disambar 2024, bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira. A irin wannan yanayi kalmar riba tana yaudara. Wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 20 a 2024 zai ga lambobi kore a wayarsa ya yi murna, alhali kasuwa ta bar shi a baya, tsadar kaya ma ta cinye abin da ya samu. Manomi ya san wannan tun da daɗewa: idan buhun wakenka ya ƙara kuɗi amma buhun taki da na masara sun fi shi ƙaruwa, baya ka ci.

Lissafin ba shi da wuya. A raba farashin hannun jarin da makin ma'aunin a rana guda, a ninka da dubu goma domin lambar ta yi daɗin karantawa:

```
(farashi / ASI) x 10000
```

Lambar da ta fito ba ta da wata ma'ana ita kaɗai. Amfaninta shi ne a riƙa fitar da ita kowace Juma'a bayan an tashi kasuwa, a rubuta a littafi, a duba inda ta dosa. Idan tana hawa, kamfanin yana gaban kasuwa, ko da farashinsa na sauka, muddin kasuwa ta fi shi sauka. Idan tana gangarowa, yana baya, ko da farashinsa na tashi. A kula, wannan daban yake da RSI da manhajoji ke nunawa a ƙarƙashin zanen farashi. RSI, wanda Welles Wilder ya fitar a 1978, yana gwada kamfani ne da tarihin kansa na 'yan kwanaki, ba ya duba kasuwa ko kaɗan.

Dabarar tana da hujja a bayanta. Robert Levy ya yi rubutu a kanta a 1967, sannan a 1993 Narasimhan Jegadeesh da Sheridan Titman suka nuna cewa a kasuwar Amurka, kamfanonin da suka yi fice a watanni uku zuwa goma sha biyu da suka wuce sukan ci gaba da yin fice na wasu watanni. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne labari mai kyau ba ya shiga farashi a rana ɗaya, kuma manyan masu saye, irin kamfanonin fansho, sukan ɗauki makonni suna tara abin da suke so a hankali. Sai dai an yi wannan bincike a kan ɗaruruwan kamfanoni a kasuwa mai zurfi, kuma sakamakon matsakaici ne na rukuni. Bai yi wa kowa alkawari a kan kamfani ɗaya ba. Kasuwarmu kuwa kamfanoninta ba su wuce ɗari da hamsin da 'yan kai ba, kuma kaɗan daga cikinsu ne ake cinikinsu sosai kullum.

Simintin Dangote a 2024 shi ne misalin da ya kamata duk mai son wannan dabara ya zauna ya lissafa da hannunsa. A ƙarshen 2023 farashinsa naira 319.90 ne, ma'auni kuma 74,773, don haka lambarsa ta kama kusan 43. A cikin Janairun 2024, watan da Femi Otedola ya bayyana cewa yana sayen hannun jarin kamfanin, farashin ya haura zuwa naira 763, ma'aunin kuma ya ƙetare maki dubu ɗari karon farko, ya rufe watan a wajen 101,154. Lambar ta tashi zuwa 75. Duk wanda ya jera kamfanoni bisa ƙarfinsu a wannan rana zai ga siminti a sahun gaba, nesa da sauran manyan kamfanoni.

A ce mutum ya sayar da amfanin gonarsa, ya zuba naira 381,500 ya sayi guda 500 a wannan farashi. Zuwa ƙarshen shekara farashin ya dawo naira 478.80, kuɗinsa ya koma 239,400, asarar kashi 37 cikin ɗari in ba a sa ribar da kamfanin ya raba ba. A tsakanin waɗannan ranaku biyu ma'aunin bai faɗi ba, ya ma ƙaru da kusan kashi 2. Lambar ta sauko daga 75 zuwa ƙasa da 47. Abin lura shi ne idan aka auna shekarar daga farkonta zuwa ƙarshenta, simintin ya tashi da kusan kashi 50, ya fi kasuwa. Kamfani ɗaya ne a shekara ɗaya, amma wanda ya shiga a Disamba ya riƙe jagora, wanda ya shiga bayan mako huɗu ya riƙe asara.

Abubuwa biyu ne suka sa alamar ta ruɗi mutane, kuma dukansu daga tsarin kasuwarmu suke. Na farko, ana auna All-Share Index ne bisa girman jarin kowane kamfani, don haka 'yan ƙattai kamar simintin Dangote da na BUA, da BUA Foods, da MTN da Airtel su ne ke jan sa. Tashin kashi 35 da ma'aunin ya yi a Janairun 2024, babban kasonsa daga simintin kansa ya fito. A wannan wata kamfanoni masu lafiya da yawa lambarsu ta faɗi, ba don wani abu ya same su ba, sai don abin da ake raba su da shi ya kumbura. Na biyu, fiye da kashi 80 na hannun jarin simintin yana hannun uwar kamfanin, abin da ke yawo a kasuwa kaɗan ne. Idan babban mai saye ɗaya ya shigo, farashi yakan buga iyakar kashi 10 da aka yarda a rana, gobe ya sake bugawa. Idan ya gama sayayyarsa, babu wanda zai karɓi kayan a wannan tsada. Hawan da binciken Amurka ya yi magana a kai na watanni ne, a hankali, da hannaye da yawa. Na Janairu kuwa na makonni ne.

A ganina inda wannan ma'auni ya fi gaskiya shi ne wurin nuna wanda ke baya. Mutane da yawa a Arewa sun sayi MTN lokacin da aka tallata wa jama'a a Disambar 2021 kan naira 169. Faɗuwar naira ta jawo wa kamfanin asarar kusan naira biliyan 137 a 2023, saboda bashi da kuɗin hayar turakun sadarwa da ke da alaƙa da dala. Farashinsa ya sauka daga naira 264 a ƙarshen 2023 zuwa 200 a ƙarshen 2024, lambarsa ta gangaro daga 35 zuwa 19. Mai 169 yana duba waya yana ganin har yanzu riba yake ci, lambar kuwa tana gaya masa cewa kusan rabin matsayinsa a kan kasuwa ya tafi a shekara guda. A nan akwai dalili a cikin littafin kamfanin, kuma lambar ta bi dalilin wata bayan wata. Amma ko a nan akwai iyaka, domin a 2025, da naira ta ɗan natsu aka kuma ƙara kuɗin kira da na data, farashin MTN ya fi ninki biyu. Wanda ya jira lambar watanni goma sha biyu ta gyaru kafin ya dawo, ya rasa farkon hawan. Wannan dabara kullum a makare take zuwa wurin juyi, sama ko ƙasa.

Saboda haka mai amfani da ita yana bukatar ya yi wa kowane jagora tambayoyi kafin ya sa kuɗi. Shin lambar ta hau ne a watanni shida a jere, ko a mako uku? Shin ana cinikin kamfanin kullum da yawa, ko farashin yakan yi kwanaki bai motsa ba? Farashin da ya daskare don babu ciniki yakan yi kamar mai ƙarfi duk ranar da kasuwa ta faɗi, alhali idan ka je sayarwa ba mai saye. Sannan a duba ko kamfanin ya raba riba ko ya ba da ƙarin hannun jari kyauta, domin a ranar ana rage farashi, lambar ta faɗi ba tare da wani rauni ba.

Akwai kuma batun da wa za a gwada. Da yawa daga cikin masu saye a ƙasar Kano ba sa taɓa bankunan ruwa da kamfanonin giya. Wanda ya ware waɗannan, ya fi dacewa ya ƙara gwada kamfaninsa da NGX Lotus Islamic Index, wanda aka kafa a 2012 domin kamfanonin da suka dace da shari'a, tunda daga cikinsu ne zai zaɓa. In ba haka ba, duk shekarar da bankuna suka ja kasuwa zai ga kamar zaɓinsa ne ya lalace.

Abin da ya fi damuna game da mai saye na Zakirai shi ne lokaci da caji. Kuɗin dillali da na hukumomin kasuwa da haraji, saye da sayarwa a haɗe, na iya kaiwa wajen kashi 4 cikin ɗari. Wanda ke sauya jagora kowane wata, a wata shida ya ba da fiye da kashi 20 na jarinsa a caji kawai. Kuma mai kuɗin kaka ba shi da damar jira idan jagoran ya juya, tunda ruwan sama ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Wanda ya sayi siminti a 763 da kuɗin taki, lokacin shuka ya riske shi farashin yana ƙasa da naira 700, dole ya sayar a haka. Kuɗin da ya dace da wannan dabara shi ne wanda zai iya kwana shekara ba a neme shi ba, a raba shi a kan kamfanoni huɗu ko biyar daga sassa daban-daban, a kuma rubuta tun ranar saye lambar da idan aka sauko ƙasa da ita za a fita.