Ƙaramin Shafi a Takardar Neman Aiki

Mai neman ƙaramin matsayi a sashen tallan Facebook da Instagram yakan zo babu kamfanin da ya taɓa yi wa aiki. Abin da ke hannunsa shi ne ƙaramin asusun gwaji, kamar tallan da ya gudanar wa shagon atamfar yayarsa.

Wannan ya isa shiga takarda, muddin lissafin ya fito fili. A ce ya kashe naira 20,000 a mako biyu, mutum 40 suka turo saƙo ta WhatsApp. Sai ya rubuta cewa kowane saƙo ya tsaya masa a naira 500. Idan mutum 8 suka saya, kowane mai saye ya ci naira 2,500. Waɗannan alƙaluma na fitowa ne daga Ads Manager da littafin cinikin shagon.

Daga nan sai ya faɗi shawarar da ya yanke: ya gwada hotuna biyu, ya tsayar da mai tsadar, ya mayar da kuɗin kan ɗayan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika baki da "ƙarin kashi 200 cikin ɗari", alhali daga sayayya 2 aka koma 6. Mai ɗaukar aiki zai tambayi ainihin adadin, don haka a rubuta shi tun farko, a kuma bayyana cewa gwajin ƙarami ne.