Askin Gida-Gida Da Rani

'Yan'uwa manoma, idan an gama kaka aikin gona ya yi sauƙi, mutum yana iya zagawa gida-gida yana aski. Kayan ba su da yawa: almakashi, mashaci, injin aski na hannu, reza, sabulu da ƙyallen yafawa. Yara da tsofaffin da ba su iya zuwa kasuwa su ne suka fi bukata.

A ganinmu, ƙazantar kaya ita ce ke kashe wannan sana'a. A ce an kira ka gida mai yara 5. Kafin ka taɓa kowa, ka dubi kawunansu duka a haske. Idan ka ga wuri zagaye mai fari-fari, gashin ya kakkarye, mai yiwuwa makero ne. Wannan yaro shi ne na ƙarshe, ko da shi ne babba. In ka fara da shi, injin zai raba wa sauran cutar, bayan mako 2 ko 3 uwarsu za ta san wanda ya kawo ta. Ka ce a kai shi asibiti, gama makeron kai yana bukatar maganin sha.

Daga nan kada injin ya hau wani kai. Ka kakkaɓe gashin, ka wanke shi da almakashi da mashaci da sabulu, ka tafasa na ƙarfe minti 20. In sun bushe ka ɗiga mai saboda tsatsa.

Reza kuwa, kowane kai da sabuwa, gama ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Ka buɗe ta a gaban maigida, ka sa kuɗinta cikin ladan aski.