Yadda ake zaunar da kwalba a hoton da ba a ɗauke ta cikinsa ba

Duk mai duba tallan turare a waya ya taɓa cin karo da irin hoton nan: kwalba tsaf-tsaf, tebur mai kyau, amma kwalbar kamar tana shawagi, ba ta taɓa teburin ba. Galibi laifin inuwa ne. Mai haɗa hoton ya yanko kwalbar daga wani hoto, ya ɗora ta a kan tebur, ya danna Drop Shadow a Photoshop, shi ke nan. Alhali Drop Shadow inuwar takarda ce da aka ɗan ɗaga daga bango. Abin da ke tsaye a kan tebur kuwa, inuwarsa daga gindi take fitowa ta kwanta.

Ba a ƙirƙirar inuwa da ka. Wurin da za a sa kayan shi ke faɗin yadda za ta kasance, don haka sai a nemi wani abu da ke cikin hoton tun asali a karanta tasa inuwar. Mu ɗauka hoton tebur ne a tsakar gida, da kofin shayi a kai. Tsayin kofin fiksel 300 ne, inuwarsa ta miƙe dama da tsawon fiksel 150. Abu biyu ke nan muka samu: rana tana hagu, kuma inuwa rabin tsayin mai ita ce. Kwalbarmu mai fiksel 600, in an ajiye ta kusa da kofin, inuwarta fiksel 300 za ta yi, ta bi hanyar da ta kofin ta bi. Wannan lissafi na rana ne, domin nisanta ya sa inuwoyi ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Da ƙwan lantarki ne a saman teburin, da kowace inuwa ta guje wa ƙwan ta nata ɓangaren.

Aikin hannun ba shi da yawa. A kwafi kwalbar a wani Layer, a cike ta da launin da aka ɗebo daga inuwar kofin, a mayar da ita ƙarƙashin ta ainihin, a zaɓi Multiply. Sannan a danna Ctrl+T, a zaɓi Distort, a kwantar da ita dama ba tare da gindinta ya rabu da gindin kwalbar ba. A rage Opacity har duhunta ya zo daidai da na kofin. Kada a sa baƙi wuluk. Inuwar waje tana ɗan karkata ga shuɗi saboda hasken sararin sama da ke shiga cikinta.

A ganina, wajen bakin inuwa ne ake gane gwani. Kaifinsa ko dushewarsa ya danganta da faɗin abin da ke ba da haske. Faɗin rana a ido kusan rabin digiri ne kacal, shi ya sa inuwar tsakar rana ke da kaifi: abin da ke nesa da ƙasa da mita ɗaya, dushewar bakin inuwarsa ba ta wuce kimanin santimita ɗaya ba. Taga mai faɗi kuwa, ko ranar hunturu da hazo ya rufe sama, haske na zuwa ta ko'ina, sai bakin ya narke. Kuma ko inuwa ɗaya ba ta zama iri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ka tsaya a rana ka dubi taka: wajen ƙafa kamar an yanka da reza, wajen kai ta fara dushewa. Saboda haka Gaussian Blur guda bai isa ba. A yi kwafi biyu, ɗaya mai dushewar fiksel 3, ɗaya mai 15, a haɗa su da Layer Mask yadda mai kaifin za ta fito a gindi, mai laushin ta karɓa zuwa ƙarshe. Waɗannan lambobi mafari ne kawai, inuwar kofin ce alƙali.

Saura siririn duhu a daidai inda gilashi ya taɓa katako, wurin da haske ba ya iya shiga. A zana shi da ƙaramin buroshi mai laushi. Shi ne ke ba kwalbar nauyi. In kuma kwalbar garau take, haske na ratsa ta, sai a ɗan goge tsakiyar inuwar a sa mata launin turaren.

Akwai inda duk wannan ba ya amfani. Idan ƙyallin kwalbar yana ɓangaren dama, ga shi rana tana hagu, babu inuwar da za ta rufa asiri. Juya kwalbar ba mafita ba ce, domin rubutun jikinta zai koma baibai. Hoton teburin ake juyawa da Flip Horizontal, muddin babu rubutu a cikinsa. In akwai, a sake ɗaukar kwalbar da haske daga hagu.