Hoton Dare: Cire Tsaki-tsaki Ba Tare da Fuska Ta Koma Roba Ba

Daren kamu ne, fitila ɗaya a tsakar gida, ƙanwar amarya ta ɗaga waya ta ɗauki hoto. Da safe aka buɗe shi, sai ga fuskar amarya cike da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi, wuyanta da ƙasan mayafi kuma dabbare-dabbare, nan kore, can shunayya. Yawanci abin da ake yi shi ne a ja ma'aunin gogewa har ƙarshe. Tsakin ya tafi, amma amarya ta koma 'yar tsana ta roba.

Matsalar iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Idon kyamarar waya ƙarami ne, hasken da yake samu da dare kaɗan ne, sai wayar ta ɗaga ISO, a ce zuwa 3200, don ta ƙarfafa ɗan abin da ta samu. Tare da hasken take ƙarfafa kurakuransa. Wani kuskuren a haske yake, ɗigo ɗaya ya fi maƙwabcinsa duhu. Shi ne tsaki-tsakin. Wani a launi yake. Shi ne dabbare-dabbaren. Idon mutum ya fi lura da bambancin haske fiye da na launi, saboda haka ana iya goge dabbaren da ƙarfi fata ba ta lalace ba. Tsaki kuwa girmansa kusan ɗaya da na ƙofofin gashin fata da gashin gira, manhaja ba ta iya bambance su sosai. In ta share shi duka, da su take haɗawa.

Mu ɗauki hoton amaryar nan a Lightroom na waya. Tun farko a nemi asalin hoton. Wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, sai dai in an turo shi a matsayin Document. Sannan a gyara haske kafin komai, domin duk lokacin da aka ɗaga Exposure ko Shadows, ɓoyayyen tsaki ne ke fitowa. A ɗaga daidai yadda fuska za ta bayyana, bango ya zauna da duhunsa. Hoton dare ne, ba laifi ya yi kama da dare. Wannan ya fi shafar mai duhun fata, don fuskarsa ce ke faɗawa inuwa, inda tsakin ya fi yawa.

Yanzu a shiga Detail, a zuƙo hoton har kunci da ido ɗaya su cika fuskar wayar. Daga nesa ba a ganin ɓarna. A fara da Color Noise Reduction: daga 25, a hau a hankali, a tsaya da zarar kore da shunayya sun bar wuya. A hoto irin wannan wajen 40 yakan isa. Alamar an wuce gona da iri ita ce jan leɓe ya fara malala zuwa haɓa, ko ƙananan launukan leshi su dusashe su cakuɗe.

Da dabbaren ya tafi, sau da yawa za a ga sauran tsakin bai da muni. A nan ake buƙatar riƙe hannu. Noise Reduction ya tsaya tsakanin 15 da 25, Detail ɗin da ke ƙarƙashinsa a kai shi wajen 60 don ya kare ƙananan layuka. Ni gira nake kallo. Muddin ana rarrabe gashinta, fata na nan lafiya; da ta koma baƙin layi ɗaya kamar an shafa gawayi, a koma baya. Bakin zanen lalle ma shaida ne, in hannu ya fito a hoton.

Sai Sharpening, wanda ke dawo da tsakin da aka kora idan an bar shi ya bi ko'ina. A sa shi wajen 30, a ɗaga Masking zuwa 70, yadda kaifin zai tsaya a ido, leɓe da bakin ɗankwali, ya ƙyale kunci da goshi.

Akwai hotunan da wayar da kanta ta riga ta goge tun lokacin ɗauka, musamman da kyamarar gaba in an kunna gyaran fuska. Waɗannan ƙofofin fatarsu sun tafi, babu ma'aunin da zai dawo da su. Dabarar da ta rage ita ce a shiga Effects a ƙara Grain kaɗan, 10 zuwa 15, don ido ya daina ganin santsin. Yaudara ce, amma tana aiki. Haka hoton da hannu ya girgiza: wannan dishi-dishi ne, goge tsaki ba ya gyara shi.

Kafin ka ajiye, mayar da hoton girmansa na ainihi, ka danna shi ka riƙe don ka ga yadda yake a da. In ɗan tsaki ya rage a goshi, bar shi; a fuskar waya ba mai ganinsa.