Yadda A Ke Shirya Magana Ta Zauna A Zukatan Jama'a

Abin da a ka rubuta a takarda, in ka manta sai ka koma ka duba. Amma maganar baka ba haka ta ke ba, da ta fita ta wuce, wanda bai kama ba ya rasa. Saboda haka mai son jama'a su bi shawararsa, wajibi ne ya shirya ta yadda mai ji zai iya ɗauka ya kai gida. Hanyar kuwa ita ce ya kasa maganar uku, sa'an nan ya maimaita. Wannan ba sabon abu ba ne, gama Imamu Buhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kan maimaita kalma sau uku domin a fahimta.

To, bari mu ɗauki misali daga Gwiwa, cikin ƙasar Kazaure, inda a ke noman gero da dawa. A ce kaka ta yi, hatsi ya yi araha, masu saye suna ta yawo ƙauyuka. Wani magidanci ya ga 'yan'uwansa suna ta kai damma kasuwa, ya kuwa san in marka ta zo za su koma sayen abin da su ka sayar, da tsada. Sai ya nemi izini ya yi magana a ƙofar dagaci.

In ya tashi ya kama labarin farin bara, da bashi, da tsadar taki, da halin 'yan kasuwa, duk gaskiya ne, amma kafin a kai gida an manta. Abin da ya kamata, tun a gida ya tace maganarsa ta zama guda ɗaya wadda zai iya faɗi da numfashi ɗaya. Ga ta: "Bayan zakka, a kasa hatsi uku: na ci, na iri, na kasuwa."

Duba yadda a ka gina ta. Kowane kashi da "na" ya fara, kowane kuwa gajere ne, saboda haka in mutum ya tuna na farko, harshensa da kansa zai jawo sauran. Jerin kuma ba a banza a ka yi shi ba. Kasuwa ce ta zo ƙarshe, domin abin da ya ke so a yi ke nan, watau kada a sayar sai an ware abinci da iri. Zakka kuwa, dami ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar, an fitad da ita tun gaba, ba a sa ta cikin lissafi ba. Da ya ce huɗu ne, da maganar ta yi nauyi, da kuma wani malami ya ce ya haɗa farilla da shawara.

Bayan gaisuwa, sai ya faɗi maganar, yana ƙirgawa da yatsu, ya ɗan yi shiru. Sa'an nan ya bi kashi kashi. Na ci, kowa ya lissafta damin da gidansa ke ci a wata, ya ƙirga watanni har sabon gero, ya zuba a rumbu. Na iri, a zaɓi manyan zangarniyoyi masu cika, a ajiye dabam inda ƙwari ba su kai gare su. Da ya kai nan, sai ya sake faɗin maganar dukanta. Na kasuwa shi ne abin da ya ragu. Ya faɗe ta karo na uku, ya zauna.

Wurin maimaitawa a ke yawan kuskure. Wani ya ce "na ci" da farko, can ya ce "na abinci", can kuma "na iyali". Ma'ana ɗaya ce, amma kunne ya ji abu uku dabam, bai riƙe ko ɗaya ba. Kalmomin nan kada a taɓa su, kamar amshin waƙa. Wani kuma dalilansa biyu ne, sai ya ƙago na uku don ya cika. Mai gardama kuwa wannan rarraunan zai kama, ya rushe sauran da shi. In biyu gare ka, faɗi biyu.

Akwai alamar da za ka gane ko maganar ta shiga. A karo na uku, in ka ce "na ci, na iri", ka dakata, sai ka ji waɗansu sun ƙarasa maka, "na kasuwa." In kuwa ka ga an fara hira a gefe, ko dattawa suna laluben takalma, to, ka maimaita ya wuce kima. Kashegari kuma tambayi wanda bai halarci taron ba abin da ya ji an ce. In ya kawo ukun nan a jere, ta bakin wani ya samu, watau maganar ta fara yawo cikin gari.