Lissafin Sola Don Ƙaramin Shago

Auna sola daga lissafin wutar da shago ke sha a wuni yake farawa: a ninka wat ɗin kowace na'ura da awowin aikinta. Fanka biyu masu wat 60, in suka yi awa 10, sun sha 1,200. Ƙwan fitila huɗu masu wat 10 na awa 5 sun sha 200. Firiza mai wat 150 da injinta ke juyawa kamar awa 8 ta sha 1,200. Jimla 2,600 ke nan, a ƙara kusan kashi 30 cikin ɗari saboda asarar zafi, ƙura da inbata, ta kama 3,400.

A Kano rana mai ƙarfi kamar awa 5 ce, don haka ana buƙatar wat 680. Faranti biyu masu wat 400 sun wadatar.

Wajen batir aka fi tafka kuskure. Batirin ruwa mai bolt 12 da amfiya 200 yana riƙe 2,400, amma rabi kaɗai ya kamata a sha, in ba haka ba ya mutu da wuri. Biyu ne za su kai firiza asuba. Inbata kuwa kada ta gaza wat 1,500, domin firiza na fizgar wuta ninki-ninki lokacin tashi.