Idan hukuma ta yanke maka hukunci: abu uku da kotu ke dubawa

Takarda ce guda take zuwa. An soke izinin filinka, ko an kori ɗanka daga jami'a, ko an rufe shagonka. Yawancinmu sai mu naɗe ta mu sa a aljihu, mu ce ai gwamnati ba abokiyar ja ba ce. To amma dokar Nijeriya ta ba babbar kotu ikon bitar matakin da minista ko gwamna ko wata hukumar gwamnati ta ɗauka, ta kuma soke shi. Sai dai a san abin da alƙali zai tambaya tun kafin a je gabansa. Ba zai tambaya ko hukuncin ya yi maka daɗi ba, ko shi da kansa haka zai yanke. Abin da yake dubawa shi ne yadda aka yanke shi.

Wannan tsari daga Ingila muka gaje shi. A 1984 gwamnatin Margaret Thatcher ta hana ma'aikatan wata hukumar leƙen asiri shiga ƙungiyar ƙwadago, suka kai ƙara. A shari'ar ne alƙali Lord Diplock ya tara dalilan soke matakin hukuma gida uku: saɓa doka, rashin hankali, da rashin bin ƙa'idar adalci. Ma'aikatan sun sha kaye saboda batun tsaron ƙasa, amma rabon nan ya zauna, lauyoyinmu ma da shi suke aiki.

Saɓa doka shi ne hukuma ta yi abin da doka ba ta ba ta ikonsa ba, ko ta ɗauki ikon da aka ba ta don wani abu ta yi wani abin daban da shi. Dattawan Barno na tuna Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar ƙarƙashin GNPP. A Janairun 1980 ministan harkokin cikin gida na gwamnatin Shagari ya sa hannu aka tsallaka da shi Chadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Minista yana da ikon korar baƙo, wannan gaskiya ne. Amma babbar kotu a Maiduguri ta tabbatar Shugaba ɗan ƙasa ne, ikon korar baƙo kuwa bai hau kan ɗan ƙasa ba. Ta soke umarnin, ta ce a biya shi diyya. Haka abin yake a fili: dokar filaye ta 1978 ta yarda gwamna ya soke izinin mallaka don amfanin jama'a, kamar hanya ko asibiti. In aka karɓe naka aka miƙa wa wani ya gina nasa gidan, an fita daga abin da doka ta yarda.

Rashin hankali shi ne ƙofar da kowa ke so ya bi, kuma ita ce mafi ƙunci. A 1947 hukumar garin Wednesbury a Ingila ta ba wani gidan silima izinin buɗewa ranar Lahadi, da sharaɗin kada yaro ɗan ƙasa da shekara 15 ya shiga, ko da tare da babba ne. Masu silima suka ce wannan ba hankali. Kotu ta ce a'a, sai matakin ya kai wautar da babu wata hukuma mai hankali da za ta ɗauke shi, kamar a kori malama daga aiki don gashinta ja ne. Masu silima suka faɗi. Saboda haka in duk hujjarka ita ce an tsananta maka, kada ka ɗora dukiyarka a kanta.

Inda talaka ya fi samun nasara shi ne na ukun, wato rashin bin ƙa'idar adalci, kuma shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta fito da shi fili. A 1983 ɗalibai suka yi tarzoma a jami'ar, aka ƙona kaya, aka yi sata, aka ci zarafin mutane. Shugaban jami'a ya kafa kwamitin bincike, ya ba mataimakinsa shugabancinsa. Kwamiti ya yi zama, daga baya aka kori wasu ɗalibai. Suka je babbar kotu da ƙarar an tauye musu haƙƙin a saurare su, suka ci. Kotun ɗaukaka ƙara ta juya hukuncin. Suka wuce Kotun Ƙoli, wadda a 1986 ta soke korar.

A lura, Kotun Ƙoli ba ta ce ɗaliban ba su da laifi ba. Kura-kuran hanyar da aka bi ta nuna. Mataimakin shugaban da ya jagoranci kwamitin yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, wato mai ƙara ne ya hau kujerar alƙali. Ba sai an tabbatar ya yi son kai ba. Ya isa a ce mai kallo daga gefe zai yi zargin zai iya yi. Sannan ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar sanin abin da shaidu suka faɗa a kansu ba, balle su yi musu tambayoyi. Daɗin daɗawa, ƙone-ƙone da sata manyan laifuka ne, kotu ce ke tabbatar da su a kan mutum, ba kwamitin makaranta ba. Wasu na ganin wannan batu na ƙarshe ya ɗaure wa makarantu hannu fiye da kima, kuma ƙorafin nasu ba banza ba ne. Amma na farko da na biyu babu mai jayayya da su. Haƙƙin da ɗaliban suka dogara da shi yana sashe na 33 na tsarin mulkin 1979, yau kuma yana sashe na 36 na tsarin mulkin 1999.

Don haka duk wanda takarda ta samu, ya tambayi kansa: an gaya mini laifin da ake tuhumata da shi kafin a yanke? An ba ni lokacin shirya amsa? Na ga shaidar? Wa ya zauna a kwamitin, kuma mene ne tsakaninsa da maganar?

Gargaɗin da ya fi kowane nauyi shi ne lokaci. A Babbar Kotun Tarayya wata uku ne wa'adin shigar da irin wannan ƙara, kuma dokar da ke kare jami'an gwamnati ita ma wata uku ta yanka ga yawancin ƙararraki a kansu. Mutum sai ya cinye wata shida yana rubuta takardar koke, yana zaryar ofis ana ce masa oga ya yi tafiya, yana neman wanda zai kai shi wurin wane. Zaryar nan ba ta tsayar da lissafin kwanaki. Wasu hukumomin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su ƙara, galibi ta wata ɗaya, kuma sai alƙali ya ba da izini kafin a fara sauraron bitar. Ka ga wata ukun ma ba cikakke ba ne. A ajiye takardar da ambulan ɗinta, a rubuta ranar da ta zo hannu, a ga lauya a makon. Wanda ba shi da hali ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a da ke babban birnin jiharsa.

Kotu na iya soke matakin, ko ta hana a ci gaba da shi, ko ta tilasta wa jami'i ya yi aikin da doka ta ɗora masa ya ƙi. Amma in saboda rashin sauraronka aka soke, hukumar na da damar sake zama, ta kira ka, ta ji ta bakinka yadda ya kamata, ta kuma sake yanke hukuncin farko. Kamfani mai zaman kansa kuwa ba ta wannan hanya ake kai shi ba. Rigimarka da shi ta yarjejeniyar da ke tsakaninku ce.